Asali ko fassara? Fara duba inda littafin ya ajiye dukiyarsa

Mutum biyu suna iya riƙe littafi ɗaya, shawarar da ta dace da wannan ta cuci wancan. Wanda ya yi shekara bakwai a zauren malami yana karatun lugga, da wanda Larabcinsa bai wuce na salla da wa'azi ba, ba za a ce musu su sayi bugu ɗaya na Maƙamatul Hariri ba. Haka kuma mutum ɗaya yana iya buƙatar asali a wannan littafi, fassara kuma ta wadatar da shi a wancan. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: inda littafin ya ajiye dukiyarsa, ko a cikin labari ko a bakin harshe, iyakar ƙarfin mai karatu a harshen asali, wanda ana iya auna shi da fensir a cikin minti goma, sai kuma wane bugu ne ake kira asali, wace fassara ce a hannu. Littattafai biyu na Larabci da aka daɗe da sani a ƙasar Hausa sun isa su nuna bakin zaren, domin ɗaya yana wannan gefe ɗaya yana wancan.

Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122. Maƙamarsa, wato gajeren labari cikin zance mai amsa-amo, hamsin ce, kuma labarin da ke ciki kusan guda ɗaya ne ake ta juyawa. Harisu ɗan Hammamu ya sauka wani gari, ya tarar da wani tsoho ya tara jama'a yana zuba zance, an cika masa hannu da kyauta, daga baya Harisu ya gane ai Abu Zaidu ne mutumin Saruji, wanda ya sha yaudarar mutane da bakinsa. Idan don labari ka zo, kafin ka kai maƙama ta biyar ka ƙoshi. Abin da ya sa malaman zaure suka riƙe littafin ƙarni bayan ƙarni shi ne abin da Abu Zaidu yake yi da haruffa da kalmomi.

A maƙama ta 16 ana gasar jimlolin da ake karantawa daga dama ko daga hagu su fito daidai. Misalin da aka kafa gasar a kansa shi ne sakibu kasin, wato mai tsiyaya ƙoƙon sha: sin, alif, kaf, ba, kaf, alif, sin. Fara ta kowane gefe, haruffan nan bakwai za ka tarar. Mai fassara yana da hanya biyu, kowacce da asara. Ya rubuta ma'anar, "mai tsiyaya ƙoƙo", sai mai karatu ya rasa dalilin da ya sa mutanen majalisar suke ta mamaki. Ko ya ƙirƙiro tasa jimlar mai juyawa a harshensa, sai wasan ya tsira amma maganar Hariri ta tafi. A maƙama ta 28 kuma akwai huɗuba sukutum wadda babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta. Rubutun boko ba shi da rabon haruffa zuwa masu ɗigo da marasa ɗigo irin na Larabci, don haka abin da zai iso gare ka huɗuba ce kawai mai kyau, tare da bayanin ƙasan shafi yana gaya maka cewa an yi abin mamaki a inda ba ka gani.

Wadda ta fi nuna matsalar ita ce ta 32, inda aka jera wa Abu Zaidu tambayoyin fiƙihu ɗari yana ba da amsoshin da a kunne suka yi kama da ɓata. An tambaye shi ko ya halatta a yi alwala da abin da su'uban ya tofar, ya ce ai babu abin da ya fi shi tsabta ga Larabawan ƙauye. Wanda ya san ma'ana ɗaya zai ji maciji, hankalinsa ya tashi. Amma kalmar jam'i ce kuma ta magudanar ruwan kwari, to fatawar daidai take. Daɗin yana cikin ɗan lokacin nan da kunne ya kama ma'anar kusa kafin ta nesa ta faɗo. Fassara dole ta zaɓi ɗaya ta sa a layi, ta kai ɗayar ƙasan shafi, kuma tatsuniyar da aka faɗi amsarta tun kafin a gama tambaya ta riga ta mutu.

Turawa sun gwada hanyoyin biyu. Thomas Chenery ya fassara maƙama 26 na farko a 1867, Steingass ya ƙarasa sauran a 1898, suna bin ma'ana da tarin bayanai. Wannan fassara tana da amfani ƙwarai a matsayin sandar dogarawa ga mai karanta Larabcin. Michael Cooperson kuwa, a 2020, ya juya kowace maƙama da wani salon Turanci daban, har da Turancin 'yan Najeriya, don mai karatu ya ji irin rawar da harshen yake takawa. Aiki ne na gwaninta, sai dai wanda ya karanta shi kaɗai gwanintar Cooperson ya gani. Hukunci a kan wannan littafi a bayyane yake: in kana da Larabcin da ya kai, ka nemi asali mai wasali tare da sharhi, kamar na Sharishi, ka karanta shi a gaban wanda ya sani, maƙama ɗaya a mako ma ba jinkiri ba ne. In ba ka da shi, fassara za ta ba ka labarin littafin da siffarsa, ka karɓe ta a haka.

Dare Dubu da Ɗaya akasin haka yake, kuma a nan ne masu cewa "asali kawai" suke yawan yin tuntuɓe. Dukiyarsa tana cikin ginin labari: Shaharzad tana ba Sarki Shahriyar labarin masunci da ifiritu, masuncin ya buɗe wani labari a ciki, wanda ke cikin wannan ya buɗe wani, asuba ta yi a daidai inda rai ya rataya. Wannan gini yana ƙetare harshe ba tare da ya zube ba, shi ya sa fassarar Hausa da Frank Edgar ya fitar a 1924 ta zauna a kunnen Bahaushe kamar a nan aka haife ta. Larabcin littafin ma ba irin na Hariri ba ne. A tsofaffin rubuce-rubucen hannu harshe ne na tsaka-tsaki, fusha, wato tsantsar Larabcin littafi, gauraye da maganar kasuwar Sham da Masar, kuma masu buga shi a ƙarni na 19 sun yi masa gyaran nahawu. Abin da fassara ke zubarwa a nan abu biyu ne: jimloli masu amsa-amo da ake siffanta kyakkyawa ko fagen yaƙi da su, da baitocin waƙa da ke tsinke labarin. Asara ce, amma ba ta kai ta hana mutum cewa ya karanta littafin ba.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wanne ne asalin. Littafin ba shi da mawallafi ɗaya. Tushensa wani tarin labaran Farisa ne da marubutan Larabawa na ƙarni na 10, Mas'udi da Ibnu Nadim, suka ambata. Rubutun hannu mafi tsufa mai tsawo da ake da shi na Sham ne, na wajen ƙarni na 15, yana ajiye a Faris, kuma ya tsaya ne a dare na 282. Shi Muhsin Mahdi ya tace ya buga a 1984. Bugun da suka cika dare dubu da ɗaya, wato na Bulaƙ a Masar na 1835 da na Kalkata na biyu na 1839 zuwa 1842, sun fito ne daga wani tari da aka harhaɗa a Masar daga baya, aka cike shi da labarai daga wurare dabam-dabam.

Ga abin da ke ba mutane mamaki. Wanda ya sayi bugun Larabci na Bulaƙ don ya karanta Alauddin da fitilarsa, ko Ali Baba da ɓarayi arba'in, a harshensu na asali, zai bincike littafin daga bango zuwa bango bai gan su ba. Antoine Galland, wanda ya fitar da fassarar Faransanci a juzu'i 12 tsakanin 1704 da 1717, ya ji waɗannan labarai ne a 1709 daga bakin wani matashi mutumin Halab mai suna Hanna Diyab, ya rubuta su da Faransanci ya saka a cikin tarin. Game da waɗannan biyun, rubutu mafi tsufa da ake da shi Faransancin Galland ne. Mai karatu a Damagaram ko Maraɗi da ya buɗe Galland ya fi kusa da tushensu fiye da mai riƙe da bugun Larabci na zamani da ya ƙunshe su. Sindbad kuma yana cikin bugun Bulaƙ da na Kalkata, amma babu shi a na Mahdi.

Saboda haka a wannan littafi zaɓin fassara ya fi zaɓin harshe nauyi. Galland ya yar da yawancin waƙoƙin, ya gyara zancen ya dace da fadar Faransa. Edward Lane, wajen 1840, ya yanke duk abin da ya ga bai dace a karanta a cikin iyali ba, ya tsallake labarai da yawa, amma bayanansa kan rayuwar Alƙahira suna da daraja. Richard Burton a 1885 ya fitar da juzu'i goma, ya ƙara wasu daga baya; bai yanke ba, har ƙari yake yi a wuraren batsa da na ƙasƙanta baƙar fata, ga Turancinsa cike da tsofaffin kalmomin da ko Bature sai ya nemi ƙamus. Matsalar ita ce waɗannan tsofaffin su ne ake samu kyauta a intanet, domin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, su ne kuma ake sake bugawa da arha ba tare da sunan mai fassara ba. Mutum ya sauke Burton a waya, ya yi shafi ashirin ya gaji, ya ɗauka littafin ne mai nauyi alhali mai fassarar ne. Wanda yake son tsohon zubin Sham a Turanci mai sauƙi ya nemi Husain Haddawy na 1990, wanda ya bi bugun Mahdi a juzu'i ɗaya. Wanda yake son dare dubu da ɗaya cif ya nemi Malcolm Lyons na 2008, juzu'i uku, daga bugun Kalkata na biyu, inda Ursula Lyons ta ƙara Alauddin da Ali Baba daga Faransancin Galland. Bugun Larabci ma ba su tsira daga almakashi ba, akwai waɗanda aka tsabtace don makarantu ba a faɗa a bango ba. Wurin gwaji shi ne labarin ɗan dako da 'yan mata uku na Bagadaza: in zaman shan nan da wasan da ya biyo baya a bakin kwarmin wanka ya wuce a layi biyu, an taɓa bugun. Mai saya wa yara yana iya son hakan, amma gara ya sani da saninsa.

Yanzu batun auna kai, domin yawancin waɗanda suka sayi asali suka ajiye shi a kan kanta ba su yi wannan gwaji ba. Buɗe littafin a tsakiya, kada ka buɗe shafin farko, domin shafin farko kowa yana iya daurewa. Karanta shafi uku ba ƙamus, kana sa ɗigon fensir a kan duk kalmar da ba ka sani ba. Shafin ƙagaggen labari yakan ɗauki kalma wajen 300. Masu binciken koyon harshe sukan sa ma'auni a kan sanin kalma 98 cikin 100 kafin a karanta labari cikin sakewa, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin, kimanin shida a shafi. In ɗigonka bai wuce shida a kowane shafi ba, ɗauki asali. In ya kai goma sha biyar, yi lissafi: littafi mai shafi 400 zai ba ka kalma 6,000 na nema, ko da minti ɗaya kowacce take ci, awa 100 ke nan a cikin ƙamus kafin a zo maganar karatun kansa. Lissafin yana ɗan sauka yayin da kalmomi suke maimaituwa, amma ba ya sauka da saurin da ake zato. In ya haura ashirin da biyar, fassara ce littafinka a yanzu.

Ƙidayar kalma ba ta kama komai. Akwai gwaji na biyu: rufe littafin ka faɗa da Hausa abin da ya faru a shafukan nan uku, wa ya yi magana, da wace murya, da gaske yake ko gatse. Mutum yana iya sanin kowace kalma a tambayar macijin nan ta Hariri ya fita da fahimta a karkace. Haka yake faruwa ga masu Turanci mai kyau da Shakespeare, inda kalmomi da yawa suna nan da siffarsu ta yau amma ma'anarsu ta shekara 400 da suka wuce daban ce, fensir kuma ba zai tsaya a kansu ba tunda ido ya san su. Alamar ita ce ka ga kowa a cikin wasan ya fusata ko ya yi dariya kai ba ka ga dalili ba. Maganin irin wannan shi ne bugu mai bayani a gefen shafi.

Akwai rukuni na uku a tsakanin Hariri da Shaharzad: littafin da harshensa mai sauƙi ne amma nauyinsa duk yana kan zaɓin ƙananan kalmomi. L'Étranger na Albert Camus, wanda ya fito a 1942, shi ne misali mai kyau, kuma gajere ne. Wanda ya yi sakandare da Faransanci a Nijar ko Kamaru zai ci gwajin fensir a kansa cikin sauƙi. Jimlarsa ta farko tana sanar da mutuwar uwar mai ba da labarin, Meursault, kuma kalmar da ya kira ta da ita ita ce maman, wadda yaro yake kiran uwarsa da ita a gida. Stuart Gilbert a 1946 ya sa kalmar Turanci ta nesa-nesa, irin ta cike takarda, sai mutumin ya fito da sanyin zuciya tun daga layin farko. Matthew Ward a 1988 ya bar kalmar Faransancin yadda take. Sandra Smith a 2012 ta ƙara "tawa" a kan kalmar Turancin don ta jawo ta kusa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a littafin da shari'ar da ke cikinsa ta koma kan ko mutumin yana ƙaunar uwarsa, tunda an shaida bai yi kuka a jana'izarta ba.

Gwada juya jimlar da Hausa ka ga inda wuƙar take. "Yau Inna ta rasu" mutum ne mai ladabi da kusanci. "Yau mahaifiyata ta rasu" sanarwa ce ga baƙi. "Yau uwata ta mutu" kuwa kunnen Bahaushe zai ji rashin tarbiyya tun kafin a kai kotu, domin a wurinmu ba a cika cewa babba ya mutu ba, kuma ɗa ba ya kiran uwarsa haka a bainar jama'a. Faransancin ya haɗa sunan gida mai taushi da fi'ilin mutuwa na kai tsaye, ba sakayawa, ba addu'a a bayansa. Mafi kusa shi ne "Yau Inna ta mutu", kuma ko shi ya fi na asalin kaushi. Kowane mai fassara sai ya yanke wa Meursault wani hukunci a wannan layi, kai kuma ka gaji hukuncin ba tare da ka san an yi ba. A littafi irin wannan, gajere, mai sauƙin kalmomi, mai nauyin murya, wanda yake da harshen ya yi asara in ya tafi ga fassara. Wanda ba shi da shi ya samu fassara biyu ya jera shafinsu na farko. Inda suka saɓa, nan ne asalin yake da abin da ya ƙi ƙetarewa.

Ga harsunan da kusan babu mai su a cikinmu, kamar Rashanci, zaɓin yana tsakanin fassara da fassara ne, kuma wanda yake da Turanci da Faransanci duka yana da wata dama. Rashanci yana bambanta "kai" na sabo da "ku" na girmamawa, kamar yadda muke yi wa manya, Faransanci ma haka, Turancin yau kuwa kalma ɗaya gare shi. A littattafan Tolstoy da Dostoevsky, lokacin da mutum biyu suka sauka daga "ku" zuwa "kai" wani abu ya faru a tsakaninsu, ko soyayya ko raini. Fassarar Faransanci tana iya ɗauko wannan kai tsaye, ta Turanci sai ta yi dabara ko ta bar shi ya ɓace. A littafin Tolstoy na yaƙi da zaman lafiya kuma, manyan Rasha suna hira da Faransanci a cikin asalin kansa. Fassarar Turanci ta Pevear da Volokhonsky ta 2007 ta bar Faransancin ta sa ma'anarsa a ƙasan shafi, ta Anthony Briggs ta 2005 ta mayar da shi Turanci. Ta farko ta fi nuna yadda masu mulkin suka yi nisa da harshen talakawansu, ta biyu ta fi saurin karantuwa.

Kafin ka biya kuɗi, juya bayan shafin suna. Nemi sunan mai fassara, shekarar da aka yi fassarar, wadda sau da yawa ta girmi shekarar bugun da nisa, da harshen da aka ɗauko ta. In babu sunan mai fassara, ko dai tsohuwa ce da aka kwafa ko an taƙaita ta. In daga wata fassarar aka juyo ta, misali littafin Rasha da aka mayar Larabci daga Faransanci, to hannu biyu ya bi, kuskuren na farko yana nan an ɗora na biyu a kansa. Kauri ma shaida ne: Dare Dubu da Ɗaya cikakke ba ya shiga shafi 300, duk abin da aka rubuta a bango.

Ga wanda gwajin fensir ya ba shi tsakanin bakwai da goma sha biyar, hanyar da ta fi aiki ita ce haɗa biyun da tsari. Karanta babi ɗaya a fassara da daddare don ka san inda labarin ya nufa, washegari ka karanta babin a asali ba tare da fassarar a buɗe ba, kana neman kalmar da ta dawo sau uku kawai. Bugun da ya jera asali a shafi ɗaya da fassara a mai kallonsa yana da amfani ga waƙa da maƙama, inda ake tsayawa a kan kowane layi, amma a dogon labari ido yakan gudu zuwa shafin da ya fi sauƙi ya zauna can. In ka lura ka yi shafi biyar ba ka waiwayi ɓangaren asalin ba, rufe gefen fassarar da takarda, ka buɗe ta sai ƙarshen sakin layi. Bayan babi huɗu ko biyar ka sake gwajin fensir a wani shafin da ba ka taɓa gani ba. In ɗigon ya sauka zuwa shida, ajiye fassarar ka ci gaba da asali. In yana nan inda yake, ƙarasa littafin a fassara, ka ware babi biyu ko uku da suka fi kama ka don ka bi su a asali layi-layi.